Handawut Ba Ya Faɗar Shekarunsa

Idan jarrabawa ta matso a makarantun koyon aikin jinya da ungozoma da na kiwon lafiya a matakin farko, daga Kano zuwa Gusau zuwa Bauchi, babu abin da ke yawo a wayoyin ɗalibai kamar handawut. Wani ya ɗauki hoton shafukan da ya gada wajen yayansa, ya haɗa su a fayil guda, ya ɗora a zauren Watsaf na aji. Kafin la'asar fayil ɗin ya tsallaka zuwa makarantu uku, wasu sun kai shi shagon fotokwafi an buga musu. Bangon farko ya daɗe da yagewa, sunan malamin da ya rubuta shi ya ɓace, shekarar da aka rubuta shi kuwa babu wanda ya sani. Kwanan watan da waya ke nunawa a jikinsa shi ne na jiya, ranar da aka turo shi.

Kwalin magani yana ɗauke da ranar da zai lalace, kuma ko mai kemis na ƙauye ya san ya juya shi ya duba. Takardar da ke koya wa ma'aikaci yadda zai ba da maganin ba ta da irin wannan tambari. Ba ta canza launi, ba ta wari, kuma rubutunta yana nan da ƙarfin gwiwar da aka rubuta shi da ita tun ranar farko. Shi ya sa dole wani mutum, malami ko inchajin asibiti ko ɗalibin da ya lura, ya sa mata alama da hannunsa cewa layi kaza a shafi kaza an daina aiki da shi. Aikin yana da ƙa'idojinsa, kuma babu fagen da ya fi nuna su a fili kamar maganin zazzaɓin cizon sauro, ciwon da ke cika gadajen asibitocinmu duk damina.

Mafi sauƙin kamawa shi ne kulorokwin. Duk takardar da ta ce shi ne maganin farko na maleriya a Najeriya ta tona asirin kanta, domin tun a 2005 gwamnati ta sauya tsari ta koma magungunan haɗi masu ɗauke da atemisinin, waɗanda ake gani da tambarin ACT a jikin kwali, bayan da ƙwayar cutar ta daina jin kulorokwin. Haka takardar da ta ce duk yaron da ya zo da zafin jiki a ba shi maganin maleriya kai tsaye. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara gwada jini tukuna, ko da madubin likita ko da ɗan gwajin nan na gaggawa. Irin waɗannan ba su cika yaudarar kowa ba yanzu. Haɗarin yana wajen takardar da ta yi sabuntar da za a yarda da ita, amma ta tsufa a layi ɗaya ko biyu.

A ɗauki misalin handawut mai shafi goma sha biyu a kan maleriya. Ya ambaci ACT, ya ambaci gwaji kafin magani, har ya kawo allurar atesunet a matsayin maganin maleriya mai tsanani. Duk mai karatu zai ce wannan na zamani ne. A shafi na bakwai an rubuta cewa ana ba da miligiram 2.4 a kan kowane kilo na nauyin marar lafiya, a jijiya ko a tsoka, da zarar an kwantar da shi, sai bayan awa 12, sai bayan awa 24, daga nan sau ɗaya a rana. Babu ƙarya a cikin wannan. Sai dai akwai jimla ɗaya da babu, kuma rashinta shi ke nuna cewa ilimin da ke cikin takardar ya tsaya ne tsakanin 2011 da 2015.

Yadda abin ya samo asali ya cancanci a tsaya a kansa. Shekaru aru-aru kwinin ne sarkin maganin maleriya mai tsanani. Tsofaffin ma'aikatan jinya sun san wahalarsa: a zuba shi cikin ledar ƙarin ruwa, a bar shi yana ɗiga tsawon awa huɗu, a maimaita duk bayan awa takwas, ana sa ido kada sukarin jinin yaro ya faɗi. Idan aka kuskura aka tura shi cikin jijiya da sauri, yana iya taɓa zuciya. A 2005 wani babban bincike a ƙasashen Asiya ya nuna cewa atesunet ya fi shi ceton rai, galibi a tsakanin manya. Sai aka gwada a kan yaran Afirka. Binciken da ake kira AQUAMAT ya haɗa yara 5,425 a ƙasashe tara, ciki har da wata cibiya a Ilorin, kuma an fitar da sakamakonsa a Nuwambar 2010. Cikin yaran da aka ba kwinin kashi 10.9 cikin ɗari suka rasu, cikin waɗanda aka ba atesunet kuwa kashi 8.5. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da atesunet maganin farko ga yara ma, kamar yadda yake ga manya.

Bayan haka masu bincike suka lura cewa jikin ƙaramin yaro yana fitar da maganin da sauri fiye da na babba, ta yadda idan aka ba shi daidai lissafin babba, abin da ke zama a jininsa bai kai ba. Don haka a bugu na uku na kundin maganin maleriya, wanda hukumar ta fitar a 2015, aka ƙara jimlar da handawut ɗinmu ba shi da ita: yaron da nauyinsa bai kai kilo 20 ba, a ba shi miligiram 3 a kan kowane kilo.

Ga yadda bambancin yake a bakin gado. An kawo yarinya 'yar shekara biyu da rabi tana jijjiga, ba ta iya shan komai, gwaji ya nuna maleriya, sikeli ya nuna kilo 12. Kwalbar atesunet mai miligiram 60 gari ce. Ana narkar da shi da mililita 1 na ruwan bayikabonet da ke zuwa tare da ita, a girgiza har ya washe, sannan a ƙara mililita 5 na ruwan gishirin asibiti idan a jijiya za a yi. Yanzu kowace mililita tana ɗauke da miligiram 10. Ma'aikaciyar da ta haddace tsohon handawut za ta ninka 2.4 sau 12, ta sami miligiram 28.8, ta zuƙo kusan mililita 2.9 a sirinji. Wadda ta san gyaran 2015 za ta ninka 3 sau 12, ta sami miligiram 36, ta zuƙo mililita 3.6. Ta farkon ta rage wa yarinyar kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya kamata ta samu, a kowace allura, kuma ba za ta taɓa jin ta yi kuskure ba, domin ta bi takarda sau da ƙafa. Abin takaicin shi ne mafi yawan yaran da maleriya ke kashewa a ƙasar nan 'yan ƙasa da shekara biyar ne, wato su ne dai 'yan ƙasa da kilo 20 ɗin.

Wannan misali yana koyar da abu mafi wuya a aikin sa alama. Tsohuwar takarda ba kullum take faɗar abin da ba daidai ba. Sau da yawa shiru take yi a kan abin da ya zo bayanta. Mai dubawa da ke neman kuskure kawai zai karanta shafi na bakwai ya wuce. Wanda zai kama giɓin shi ne wanda ya buɗe sabon kundi a gefe, yana bin sa layi bayan layi, yana tambayar abin da ke can wanda babu a nan.

A shafi na tara na wannan handawut akwai batun masu juna biyu, kuma a nan tsufan ya fi fitowa fili. An rubuta cewa mai ciki za ta sha maganin rigakafin nan da mata suka fi sani da Fansida sau biyu, na farko bayan ta fara jin motsin ɗa, na biyu bayan wata guda. Haka aka koyar da dubban ungozomomi, kuma a lokacinsa daidai ne. Amma a Oktoban 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawara. Yanzu ana farawa da zarar ciki ya wuce wata uku na farko, wato daga mako na 13, a ba da ƙwaya uku a gaban ma'aikaciya a zuwan awo, da tazarar aƙalla wata guda tsakanin sha da sha, har zuwa haihuwa, kuma ana son kowace mace ta samu aƙalla sau uku. Dalilin shi ne da aka tattara sakamakon bincike da dama, an ga jariran matan da suka sha sau uku ko fiye sun fi nauyi, kuma haihuwar jariri marar nauyi ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ungozomar da ke riƙe da tsohuwar takarda za ta duba katin awo, ta ga an cike gurbi biyu, ta ce wa matar, “Kin gama naki, Hajiya,” alhali da sauran wata uku a gabanta, kuma damina ce.

A wannan shafin ma akwai shiru guda biyu da mai dubawa zai nema. Shin takardar ta faɗi cewa ƙwayar folik asid mai ƙarfin miligiram 5 a kullum tana rage ƙarfin Fansida, kuma mai miligiram 0.4 ake so a haɗa da shi? Shin ta faɗi cewa macen da ke shan Seftirin kullum saboda cutar ƙanjamau ba a ba ta Fansida? Idan babu su, a rubuta su a gefe.

Sauyi na baya-bayan nan ya shafi cikin da bai wuce wata uku ba. Har zuwa ƙarshen 2022, abin da aka sani shi ne idan irin wannan mace ta kamu da maleriya marar tsanani, kwinin ake ba ta haɗe da kilindamaisin na kwana bakwai. A Nuwambar 2022 hukumar ta ce a ba ta haɗin atemita da lumefantirin, bayan bayanan da aka tara sun nuna bai fi kwinin haɗari ga cikin ba, ga shi kwana uku ne kacal, ba kamar kwinin da ke sa jiri da ƙarar kunne har mata su watsar da shi a kwana na uku ba. Ke nan takardar da aka rubuta da kyau a 2021 ma tana bukatar alama.

To, ta yaya ake gane shekarun takardar da ba ta da kwanan wata? Abu na farko shi ne a daina yarda da ranar da ke jikin fayil. Ko an buɗe `Properties` a kwamfuta, abin da za a gani shi ne ranar da aka ɗauki hoton shafukan ko aka mayar da su PDF, wadda tana iya zama shekara goma bayan an rubuta su. Har shekarar da aka buga a bango ma ba hujja ba ce, domin akwai masu sake buga tsohon rubutu duk zango, su sauya shekara kawai. Shaidar gaskiya tana cikin rubutun. Idan akwai jerin littattafan da aka duba a ƙarshe, shekarar mafi sabo a cikinsu ita ce iyakar abin da marubucin ya sani. Idan babu, sai a bi sawun kalmomi. Takardar da ke maganar muradun ƙarni a matsayin abin da ake fatan cimmawa ta riga 2015. Wadda ke cewa zuwa awo sau huɗu ya wadatar ta riga 2016, shekarar da aka mayar da shi takwas. Wadda ke kiran shirin maleriya na ƙasa da haruffan NMCP ta girmi wadda ke kiransa NMEP, sunan da ya koma daga baya. Ɗaya daga cikin waɗannan ba ta isa a yanke hukunci ba, amma idan biyu ko uku suka haɗu, an san zamanin da ake ciki.

Abu na biyu shi ne sanin inda ake yawan samun sauyi, don kada a ɓata lokaci. Bayanin yadda ƙwayar maleriya ke shiga hanta ta fito ta faɗa cikin jini bai canza ba, kuma tsohon malami yana iya zayyana shi fiye da sabon littafi. Inda ake zuba ido shi ne sunan maganin farko, adadinsa, tazararsa, tsawon kwanakinsa, da waɗanda aka hana wa. Duk inda lamba ta haɗu da sunan magani, a tsaya a duba.

Ita kanta alamar tana da yadda ake rubuta ta. Wanda ya turo saƙo a zaure cewa “wannan tsoho ne, a yi hattara” bai yi komai ba. Saƙon zai nutse cikin barka da Juma'a da sanarwar ɗaurin aure, fayil ɗin kuma zai ci gaba da tafiya shi kaɗai. Ga shi bai faɗi wane layi ba, don haka mai karatu ko dai ya yi watsi da takardar gaba ɗaya, har da shafuka goma masu kyau, ko ya yi watsi da gargaɗin. Alamar da ke aiki tana zama a jikin takardar, a shafin farko da kuma gefen layin da abin ya shafa. Ga misalinmu za ta ce: shafi na 7, adadin atesunet, takardar ta ce 2.4 ga kowa. Tun 2015 yaro ƙasa da kilo 20 yana karɓar 3. An duba da kundin Hukumar Lafiya ta Duniya a rana kaza. Wane ne ya duba. Sunan fayil ɗin ma a sauya shi, domin shi ne abin da kowa ke fara gani:

```
Maleriya_TSOHO_duba_gyara_shafi_7_da_9.pdf
```

Ranar dubawa tana da muhimmanci kamar gyaran kansa, domin alamar ma tsufa take yi. Tun 2021 hukumar ta daina jiran shekaru kafin ta fitar da sabon bugu, ta haɗe ƙa'idojin maleriya wuri guda a intanet tana sabunta su duk lokacin da hujja ta samu. Gyaran da aka yi bara yana iya bukatar nasa gyaran bana. Kuma bai dace a goge tsohon layin a rubuta sabo a kansa a ɓoye ba. A ja masa layi ya kasance ana iya karanta shi, domin wadda ta haddace 2.4 tana bukatar ta ga lambar da ta sani an soke ta, in ba haka ba za ta ɗauka sabuwar ce kuskuren bugu.

Mai sa alama kuma yana iya yin nasa kuskuren, kuma mafi yawa shi ne ɗaukar kowace sabuwar takarda a matsayin wadda ta fi. A Amurka, inda hukumar magunguna ta amince da allurar atesunet a 2020, adadin da aka rubuta shi ne 2.4 ga kowa, babba da yaro. Ɗalibin da ya ci karo da wannan a intanet yana iya komawa ya “gyara” handawut ɗin da ke daidai, ya mayar da 3 zuwa 2.4. Takardar tasa sabuwa ce, amma ta wata ƙasa ce. Ma'aikaci a Najeriya yana bin ƙa'idar Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ne da tsarin asibitinsa, na Nijar yana bin ta ƙasarsa. Takan faru hukumar duniya ta sauya shawara, ƙasa kuma ta ɗauki lokaci kafin ta shigar da ita cikin kundinta. A irin wannan hali alama ta gaskiya tana faɗar duka biyun, ta bar hukunci ga likita ko inchaji. Haka nan kwinin bai zama guba ba don an sauke shi daga matsayi na farko. Idan babu atesunet, ana yin allurar atemita a tsoka, idan ita ma babu, kwinin ne. Wanda ya yage shafin kwinin ya jefar ya cuci ma'aikacin da zai wayi gari a asibitin karkara babu komai a kabad sai shi.

Akwai kuma ɓangaren da babu kundin da ya rubuta, wato kunya da girmamawa. Sau da yawa mai tsohuwar takardar malami ne da ya koyar da rabin ma'aikatan jihar, ko matiron da ta karɓi haihuwar ɗalibar da ta gano giɓin. Ba a tashi a tsakiyar aji ko a zaure mai mutum ɗari biyu a ce Malam ya yi kuskure, kuma ma ba kuskure ya yi ba, ilimin ne ya matsa gaba bayan ya rubuta. Hanyar da ta fi kai wa ga biyan bukata ita ce a same shi shi kaɗai, da shafin sabon kundin a hannu, a ce: “Malam, Allah ya ƙara lafiya, na ci karo da wannan ne ya ɗan saɓa da abin da ke shafi na bakwai, shi ne na ce bari in kawo a duba mana.” Malamin kirki zai karɓa, kuma idan gyaran ya fito daga bakinsa, aji duka zai ɗauka. Amma a bakin gado, idan ga yaro ga sirinji, ladabi yana cikin lafazi ne kawai, ba ya cikin jinkiri: “Sista, kilonta goma sha biyu ne, ko mu sake lissafin da uku?”

Ɗalibai suna da wata damuwa ta gaske da bai kamata a raina ba. Idan takardar amsoshin da za a yi makin da ita tsohuwa ce, wanda ya rubuta sabon adadi yana iya rasa maki. Abin da ya fi shi ne ya rubuta sabon, ya ambaci shekarar da aka sauya da wanda ya sauya, ya nuna kuma ya san tsohon. Sai dai wannan nauyi bai kamata ya tsaya a kan ɗalibi ba. Makaranta ce ya dace ta ɗora wa wani malami alhakin bin kowane handawut na magunguna a farkon zango, ya sa hannu da kwanan wata a shafin farko, sannan a aika wa shagon fotokwafin bakin ƙofa da sabon kwafi a karɓe tsohon, domin daga durowar mai shagon ne mafi yawan ɗalibai ke samun nasu.

Marasa lafiya da danginsu ma abin ya shafe su, tunda irin waɗannan fayiloli suna fita daga zaurukan ma'aikata su shiga na unguwa da na dangi. Uwar da aka turo wa hoton shafi mai adadin magani ba ta da kundin da za ta gwada shi da shi. Abin da take iya yi shi ne ta duba ko akwai sunan hukumar da ta fitar da shi da shekara a cikin rubutun kansa, kuma ko akwai ko babu, ta kai wayar ga ma'aikacin lafiya ya gani kafin ta auna wa ɗanta komai. Mai juna biyun da aka ce wa ta gama Fansida bayan sha biyu tana da damar ta tambaya a awo na gaba ko ba a ƙara mata, tunda wata guda ya cika.